Yarona yana cika shafi da haruffan Sinanci, amma yana faɗuwa a shifta

Assalamu alaikum. Muna zaune a birnin Yiwu na ƙasar Sin, inda maigidana yake kasuwanci, kuma ɗanmu mai shekara shida da rabi ya shiga aji ɗaya na firamare a bana. Ni ba na karanta Sinanci, mahaifinsa kuma ba ya dawowa sai dare. Kullum ina sa shi ya kwafi kowane harafi har ya cika shafi, mu yi kusan awa guda yana kuka, kuma a idona rubutun ya yi daidai da na littafi. Duk da haka malamarsa tana zagaye masa haruffa da jan biro, idan an yi shifta kuma sai ya manta. Ni na koya masa baƙaƙen Larabci tun yana shekara huɗu, hannunsa yana da kyau a can. Me zan gyara?

Wata uwa daga Yiwu

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abu na farko da zan roƙe ki shi ne ki daina duba shafin bayan ya gama, ki koma duba hannunsa yayin da yake rubutawa. A daren yau ki zauna a gefensa na hagu, inda hannunsa ba zai tare miki gani ba, ki sa ya rubuta haruffa uku kawai, 十 da 口 da 日, kada ki ce masa komai. Ina kyautata zaton za ki ga abubuwa biyu. Zai ja layin kwance daga dama zuwa hagu, domin ta nan hannunsa ya saba fita tun daga alif da ba, sannan zai zana 口 a zagaye ɗaya ba tare da ya ɗaga fensir ba, kamar mai zana akwati. Idan kika sake sa shi ya rubuta 日 sau uku, wataƙila kowane karo ta wata hanya daban zai bi. Nan ciwon yake. Yaron da yake bin hanya daban a kowane karo hoto yake kwaikwayo da ido, kuma da zarar an rufe littafin a ranar shifta babu abin da hannunsa ya riƙe. Shafi guda da aka cika ta hanyoyi biyar bai kai layi guda da aka rubuta ta hanya ɗaya amfani ba.

Kowane harafin Sinanci an gina shi ne da abin da zan kira “ja”, wato duk abin da fensir ya zana daga saukarsa a kan takarda zuwa ɗaga shi. Kowane ja yana da inda yake farawa da inda yake nufa, kuma kowane harafi yana da adadin ja sananne da jeri sananne. Ma'aikatar ilimi ta ƙasar Sin tana da ƙa'idar da ta tsara wannan jeri a hukumance, wadda sabon bugunta ya fara aiki a shekarar 2021, kuma ita littattafan makaranta suke bi. Saboda haka idan malama ta zagaye harafi, ba son ranta take bi ba.

Ki fara da alkibla, domin ita ce ta fi shafar ɗanki. Ja na kwance, wanda za ki ji malamarsa tana kiransa “hang”, daga hagu yake tashi ya nufi dama, yana ɗan ɗagawa sama kaɗan a ƙarshensa. Ja na tsaye, “shu”, daga sama yake sauka. Akwai mai gangarawa hagu, “piye”, wanda yake farawa da nauyi ya ƙare da siririn wutsiya, da mai gangarawa dama, “na”, wanda yake farawa siriri ya yi kauri kafin ya ƙare. Za ki iya cewa mene ne laifi idan layin kwance ya fito daga dama, tunda bayan an gama layi layi ne. Ki dubi waɗannan haruffa biyu: 干 da 千. Na farko yana nufin abu busasshe, na biyu yana nufin dubu, kuma bambancinsu duka yana kan ja na sama. A 干 layin kwance ne daga hagu zuwa dama, a 千 kuwa gajeren “piye” ne da yake tahowa daga dama ya gangara hagu. Yaron da ya ja layin saman 干 daga dama, hannunsa zai saukar da ƙarshen hagu ba tare da ya sani ba, sai busasshe ya koma dubu. Ke ba za ki lura ba, amma malamar da ta shekara tana duba rubutun yara tana gane alkiblar ja daga inda ya yi kauri da inda ya sirance.

Kada wannan ya sa ki dakatar da Larabcinsa. Hannun yaro yana iya riƙe alkibla biyu, kamar yadda yaran da suke haɗa allo da boko suke yi ba tare da sun rikice ba. Abin da zai taimaka shi ne raba lokutan biyu, Larabci da safe ko bayan magariba, Sinanci a wani lokaci daban da littafinsa daban, sannan a makon farko ki sa masa ɗan ɗigo da fensir a gefen hagu na kowane gidan da zai rubuta harafi a ciki, ki ce daga nan ake tashi.

Dokokin jeri da ake koya wa 'yan aji ɗaya ba su da yawa, kuma ke ma za ki haddace su a zama ɗaya ko da ba ki san karatun harafi ko ɗaya ba. Na kwance yana riga na tsaye, kamar a 十, goma. Mai gangarawa hagu yana riga mai gangarawa dama, kamar a 人, mutum. Sama tana riga ƙasa, kamar a 三, uku, kuma hagu yana riga dama, kamar a 川, kogi. Idan harafi yana da ginshiƙi a tsakiya da ƙananan fikafikai biyu, ginshiƙin ake fara kafawa, kamar a 小, ƙarami. Waɗannan biyar yaro yana kama su da wuri. Wadda take buƙatar zama ita ce dokar haruffa masu katanga, kuma a kanta nake so mu daɗe, domin tana cikin haruffan da zai yi ta haɗuwa da su har ya gama makaranta.

Harafin 口, baki, ja uku ne. Ba huɗu ba ne kamar yadda ido yake ƙirgawa, ba kuma ɗaya ba ne kamar yadda ɗanki yake yi. Ja na farko shi ne katangar hagu, daga sama zuwa ƙasa. Ja na biyu yana tashi daga saman wannan katanga, ya tafi dama, ya karya kwana ya sauko ƙasa, duk ba tare da an ɗaga fensir ba, wato rufi da katangar dama ja ɗaya ne. Ja na uku shi ne layin ƙasa, daga hagu zuwa dama, wanda yake rufe harafin. Malaman Sin suna koya wa yara wannan da misalin ɗaki: a gina ɗaki, mutum ya shiga, sannan a rufe ƙofa. Layin ƙasa shi ne ƙofar. To idan aka zo kan 日, rana, sai a yi katangar hagu, a yi rufi da katangar dama, a shigar da layin tsakiya, sannan a rufe ƙofa, ja huɗu ke nan. A 田, gona, bayan katanga biyun sai a shigar da 十 da dokarsa ta na kwance kafin na tsaye, a rufe, ja biyar. Ko 国, ƙasa, wanda yake tsorata yara da ganinsa, wannan tsarin ne: ja biyu na katanga, ja biyar na abin da yake ciki daga sama zuwa ƙasa har da ɗigonsa, ja ɗaya na ƙofa, takwas cif. Dalilin dokar a bayyane yake ga duk wanda ya gwada saɓa mata. Idan yaro ya rufe akwatin tun farko, sai ya tarar abin da zai zuba ciki ya fi ƙarfin wurin, ya matse shi ko ya huda katanga, alhali wanda ya bar ƙasa a buɗe yana iya saukar da ƙofar daidai inda kayan suka tsaya.

Daga nan ki samu hanyar bincike mafi sauƙi ga uwar da ba ta karanta Sinanci, wato ƙirga. Ki sa ya ƙirga da baki yayin da yake rubutu, ɗaya, biyu, uku, da Hausa ko da Sinanci, duk wanda ya zo masa. Idan littafi ya ce harafin ja huɗu ne shi kuma ya tsaya a biyar, to ya raba kwana gida biyu. Idan ya tsaya a uku, ya haɗe ja biyu ko ya tsallake ɗaya. Wannan ƙirga zai yi masa amfani nan gaba, domin a aji biyu ana koya wa yara neman harafin da ba su san karatunsa ba a ƙamus ta hanyar tushensa, wato ɓangaren harafi da ƙamus yake bi wajen jera haruffa, da adadin jansa, kuma wanda bai iya ƙirga daidai ba zai yi ta lalube a shafin da ba nasa ba.

Dokokin suna da iyaka, kuma gara ki sani tun yanzu don kada ki gyara masa abin da yake daidai. Harafin 火, wuta, yana kama da wanda za a fara da tsakiyarsa, amma ƙananan jan biyu na gefe ake fara yi, sannan 人 na tsakiya. A 中, tsakiya, sai an gama 口 an rufe shi sannan dogon layin tsaye ya ratsa shi daga sama, shi ne na ƙarshe. Ɗigon da yake bisa kan harafi, kamar a 六, shida, shi ake fara sawa, amma wanda yake kusurwar sama ta dama, kamar a 我, ni, sai an gama komai. Waɗannan ba a gano su da tunani, dubawa ake yi. Littafin Sinanci na aji ɗaya yana nuna jerin kowane harafin da ake so yaro ya rubuta, ja bayan ja, a saman gidajen gwaji da suke ƙarshen darasi, kuma shi ne alƙalinki. Idan kina son ganin motsin, ki kwafi harafin a waya ki haɗa shi da kalmar 笔顺 ki nema, za ki samu hoton da yake zana shi a hankali. Sai dai ki tabbatar na babban yankin ƙasar Sin ne, saboda Japan tana amfani da da yawa daga cikin waɗannan haruffa da jeri daban. A 田 ɗin nan da muka yi, Japanawa suna riga sa layin tsaye na ciki kafin na kwance, kuma yaron da ya koyo haka daga wani bidiyo zai sha jan biro bai san laifinsa ba.

Takardar da yake rubutu a kai ma tana da aiki. Littafin da ake sayarwa a kowane shagon kayan makaranta da sunan 田字格 yana da gidaje masu kusurwa huɗu, kowanne an raba shi huɗu da layukan ɗigo-ɗigo. Yara da yawa suna ɗaukar gidan a matsayin iyaka kawai, su cusa harafin a kusurwa ɗaya. Layukan tsakiyar nan su ne ma'auni. A 十 layin kwance yana zama kusan kan layin tsakiya na kwance, na tsaye kuma yana bin layin tsakiya na tsaye. A 日 layin ciki yana hawa kan layin tsakiya, kuma harafin yana fita dogo siriri. Idan ya yi faɗi ya gajarce ya koma 曰, wani harafi daban. Tsawon layi ma yana canza ma'ana: 土, ƙasar da ake takawa, layinsa na ƙasa ne ya fi tsawo, 士 kuwa na sama ne ya fi. Saboda haka kafin ya sa fensir, ki tambaye shi a wane ɗaki daga cikin huɗun ja na farko yake farawa, kuma wane layi ne mafi tsawo. Amsar da zai ba ki da baki rabin rubutun ce.

Yanzu ga yadda zaman kowace rana zai kasance, kuma minti goma sha biyar ya isa. Manhajar ƙasar ta shekarar 2011 ma minti goma ta ware wa gwajin rubutu a cikin darasin Sinanci na kowace rana a firamare, kuma tun 2021 hukuma ta hana bai wa 'yan aji ɗaya da biyu aikin gida na rubutu, don haka awa gudan da kuke yi ya wuce abin da tsarin kansa yake nema. A ce yau haruffansa biyu ne, 日 da 田. Minti uku na farko na jiya ne: littafi a rufe, ya rubuta haruffan jiya sau ɗaya kowanne daga ƙwaƙwalwa. Sai ku buɗe littafi ku dubi 日 tare, ku ƙirga jansa, sannan ya ɗaga yatsa ya rubuta shi babba a iska sau biyu yana faɗin ƙirgar, ke ma kina yi tare da shi. Haka ake yi a ajinsu, ba zai zame masa baƙo ba, kuma a iskar ne za ki kama kuskuren alkibla kafin ya taɓa takarda. Daga nan ya bi sawun harafin da aka buga da jan launi sau biyu, ya rubuta nasa sau uku yana kallon samfuri, sai ki rufe samfurin da tafin hannunki ya rubuta sau ɗaya. Wannan na ƙarshe shi ne gwajin gaskiya. Idan ya fito daidai an gama da 日, a koma 田 ta wannan hanya. Idan ya kuskure, ya sake duban samfurin, ya sake yi a iska, ya ƙara ɗaya, a tsaya nan. Sau shida ko bakwai ke nan ga kowane harafi, kuma dalilin tsayawa shi ne, idan ya wuce haka ido yana barin samfuri ya koma kwafar harafin da yake kusa da shi, kuskuren gida na takwas ya haifi na tara. Wasu yaran ma, idan aka ce su cika shafi, sai su bi layi su yi duk katangun hagu, su dawo su yi duk rufin, kamar masu aikin masana'anta. Ki duba tsoffin shafukansa, idan katangun hagu duk sun yi kama da juna fiye da kima, ya yi wannan dabarar.

Kada ƙarancin ya tsorata ki. Haruffan da ake so ɗan aji ɗaya ya iya rubutawa a zangon farko kusan 100 ne, kuma a ƙarshen aji biyu manhaja tana neman ya gane kimanin 1600 ya rubuta kimanin 800. Harafi biyu a rana, kwana biyar a mako, goma ke nan, wato cikin mako goma ya zagaye na zangon farko duka, da sauran lokaci na maimaici. Maimaicin ne yake ci a shifta. Harafin da aka koya ran Litinin a tambaye shi ran Talata, a sake ran Alhamis, a sake Litinin mai zuwa, kowane karo sau ɗaya daga ka. Wanda ya faɗi ya koma layin gobe, wanda ya tsallake sau uku a bar shi ya huta. Ranar Asabar kada a ƙara sabo, a yi shiftar mako kawai.

Za ki ce ta yaya za ki yi masa shifta ba ki iya furta kalmomin ba. Ki yanka ƙananan katuna, a gaba ki kwafi rubutun furuci na boko da littafin ya sa a kan harafin, tare da alamar sautinsa, a baya shi ya rubuta harafin. Shi zai karanta gaban katin ya rubuta, ke ki juya ki gwada. Amma ki riƙa sa kalma sukutum maimakon harafi shi kaɗai, domin haruffa da yawa suna da furuci iri ɗaya, kuma malamai da kalma suke yin shifta saboda wannan dalili. Idan mahaifinsa yana jin yaren, ya ɗauki muryarsa a waya da dare yana karanta kalmomin mako, ki kunna da rana.

Kukan da yake yi wataƙila rabinsa gajiyar hannu ce. Ki duba yatsunsa: idan sun sauka har bakin fensir, suna tare masa ganin abin da yake rubutawa, sai ya kwantar da kai gefe ya danna da ƙarfi. Ƙa'idar da ake maimaita wa yara a makarantun Sin ita ce yatsu su yi nisan kamar santimita uku daga bakin fensir, ƙirji ya bar tebur da faɗin dunƙulen hannu, ido kuma ya yi nisan kamar santimita talatin da uku daga takarda. Ki ɗaura ɗan roba a jikin fensirin daidai inda yatsu za su tsaya. Ki ba shi fensir mai alamar HB, ki juya shafin da ya rubuta ki shafa bayansa. Idan kin ji rubutun ya kumburo, yana dannawa fiye da kima. Magogi kuma ki riƙe shi a hannunki. Yaron da yake goge kowane ja yana cinye mintunansa a gogewa, don haka ya bar harafin da ya lalace a gidansa ya rubuta gyararren a gida na gaba, ku kwatanta su biyun, shi da kansa ya nuna inda suka bambanta.

Bayan mako uku ko huɗu, idan jerin ya zauna, za ki ga haruffan da suke shigowa sun fara maimaita waɗanda ya riga ya sani. 明, haske, 日 ne a hagu da 月, wata, a dama. 林, kurmi, 木 ne guda biyu, kuma 木 itace ne. A nan sai ki daina sa shi ƙirga ja takwas a jere, ki tambaye shi ɓangare nawa harafin yake da su, wanne ne na hagu, ya rubuta kowanne da jerinsa da ya sani. Abu ɗaya za ki nuna masa: ɓangaren hagu yana tsukewa ya ba na dama wuri. A 林, 木 na hagu ya fi siriri, kuma jansa na ƙarshe, wanda a da yake miƙewa dama da doguwar ƙafa, yana gajarcewa ya koma ɗigo don kada ya taka maƙwabcinsa.

Idan kin samu ganin malamarsa, ki tafi da shafi ɗaya daga cikin waɗanda ta zagaye, ki roƙe ta ta nuna miki da fensir abin da ta gani a haruffa biyu ko uku, ko alkibla ce, ko jeri, ko zama a cikin gida. Ko ba ku jin yaren juna, hannunta zai nuna miki, kuma waɗannan haruffan su za ki sa a zaman Litinin.